Gidajen Gabas da Ba a Ƙirga Ba

Zuwaira ce da kanta ta kawo Lubna ofishin, kuma wannan ne ya fi ci mata rai daga baya. Lubna 'yar ƙanwar mahaifiyarta ce. Ta gama jami'a, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo Daura tana zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi, shi ne Zuwaira ta roƙi shugabansu, Malam Abdulrazak, ya ɗauke ta ko na gwaji ne.

Ofishin na wata ƙaramar ƙungiya ne mai tallafa wa manoman gyaɗa, ɗaki uku ne kacal a wani gida da ke kan hanyar da ta bi ta Kusugu. Aikinsu ba ɓoyayye ba ne. Bayan kaka sai su shiga ƙauyuka su yi hira da manoma da 'yan kasuwa, su ɗauki muryoyinsu a waya. In sun dawo sai a zauna a rubuta hirar kalma bayan kalma, har da tari da dariya, a riƙa sa mintin da aka faɗi kowace magana a gefe. Daga wannan rubutacciyar hira ake fitar da taƙaitaccen rahoto na Turanci, wanda ake kai wa masu ba da tallafi a Katsina. Abin da rahoton ya ce, shi suke bi su sayi iri.

Shekara da shekaru Zuwaira ce ke yin duka. Ita ce a bayan babur zuwa Zango, ita ce da abin sauraro a kunne har kanta ya yi ciwo, ita ce kuma ke kokawa da Turancin rahoto. Da Lubna ta zo sai ta zo da wata manhaja a kwamfutarta. Ta zuba mata hira mai shafi arba'in, kafin a sha shayi ta fito da shafi biyu, Lubna ta bi ta gyara, ta ƙawata. Turancinta kuwa kamar ruwa. Malam Abdulrazak ya karanta na farko yana gyaɗa kai, ya karanta na biyu ya ce, "Kai, yarinyar nan Allah ya yi mata baiwa."

Zuwaira na zaune a teburinta ta ji. Ta yi murmushi, don an juyo ana kallonta.

A farkon watan Maris ya tara su a ofishinsa ya ce bana Lubna ce za ta je Katsina ta gabatar da rahoton. Shi zai raka ta, amma ita za ta yi magana.

"Ke kuma Zuwaira," in ji shi, "ki bi mana shi da idonki. Kowane adadi, kowane kwanan wata, kowane kuɗi da ke cikin takardar nan, ki nemo shi a bakin wanda ya faɗa. Wanda ya rubuta ba ya duba kansa. In kin gama ki sa hannu, ranar Litinin za mu tafi."

"To, Malam," ta ce.

Sau uku tana raka shi Katsina a baya, kullum tana zaune a kujerar baya riƙe da jakar takardu. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa ta tashi ta yi magana ba.

Da suka fito Lubna ta kama hannunta. "Yaya, wallahi tsoro nake ji."

"Tsoron me? Ai ke mai baiwa ce."

Lubna ta yi dariya, don ta ɗauka wasa ne.

Zuwaira ta buga rahoton a takarda, ta ɗauki jan biro ta zagaye duk wata lamba da ke ciki, har da waɗanda aka rubuta da kalmomi. Sannan ta ja layuka a wata takarda dabam: abin da rahoto ya ce, shafi da mintin da aka faɗa a hira, abin da mutumin ya faɗa da bakinsa, sai gurbin da za ta rubuta daidai ko gyara. Ta sha yin wannan aikin, amma ba ta taɓa yin sa da irin yunwar da ta yi shi a ranar ba. Kuskure take nema, kuma ta san kuskure take nema.

Na farko daidai. Na biyu daidai. Ta bi shafi guda cur tana rubuta daidai, daidai, biron na neman huda takardar. A ɗaya ɗakin tana jiyo Lubna tana gwada gaisuwar buɗe taro da Turanci, Malam Abdulrazak na gyara mata inda za ta ɗan dakata.

Sai a shafi na biyu ta samu. Rahoto ya ce wata mai ƙuli-ƙuli a Zango tana sarrafa kwano ashirin da biyu a mako. Zuwaira ta buɗe hirar, ga abin da matar ta ce: "Ashirin ba biyu, in kasuwa ta yi kyau." Sha takwas ke nan. Manhajar ba ta san irin wannan ƙirgen ba, Lubna kuma ba ta koma ta duba ba. Zuwaira ta ji wani sanyi a ƙirjinta. Ta rubuta gyaran da manyan baƙaƙe.

Can ƙasa ta sake samun wani. An rubuta cewa a Kongolam, can bakin iyaka, ana sayar da buhun gyaɗa naira dubu ashirin da biyar. Ɗan kasuwar da ta yi hira da shi, Mainasara, cewa ya yi jaka ashirin da biyar, kuma layi biyu a gaba ita da kanta ta tambaye shi, ya amsa, "Ta sefa mana, ai mu nan da kuɗin ƙetare muke ciniki." Jakar sefa dubu ce ta kuɗin Nijar, in aka mayar da ita naira sai ta ninka fiye da biyu. Ta gyara, ta rubuta cewa a bar shi a sefa yadda ya faɗa.

Akwai kuma shekara. Manoman sun ce bana ƙwari suka cinye musu gyaɗa, amma a Disamba suka faɗa. Rahoton da aka rubuta a Fabrairu ya ɗauki bana ya maƙala mata sabuwar shekara, wadda ko shuka ba a yi ba. Ta gyara wannan ma.

Bayan azahar ta iso kan babban adadin, wanda duk rahoton ya dogara a kansa. An rubuta cewa ƙauyen Tsamiyar Kwari na da gidajen manoma ɗari da hamsin, kuma su ake nema wa iri. Ta buɗe hirarta da mai unguwar ƙauyen, Malam Amadu. A minti na shida ya ce, "Gidajenmu ɗari da hamsin ne." Ta kai biro za ta rubuta daidai, sai hannunta ya tsaya. Ta tuna zaman nan a gindin tsamiya, ta tuna wani ya katse su da sallama, an yi ta gaishe-gaishe, an kawo mata fura. Ta ci gaba da karantawa, shafi bayan shafi na maganar taki da tsadar ƙwadago, har can wajen ƙarshe, a minti na talatin da takwas. Ga shi nan a rubuce da hannunta: "Af, ɗazu na ce miki ɗari da hamsin ko? Na yamma kaɗai na faɗa. Akwai na gabashin rafi tamanin. Ki sa ɗari biyu da talatin."

Ta sa abin sauraro ta kunna muryar daga daidai wurin, don ta tabbata ba ita ta yi kuskuren rubutu ba. Muryar tsohon ta fito tangaran, har da kukan akuya a bayansa.

Ta cire abin sauraron ta ajiye a hankali. Sauran kurakuran na gyara ne a yi dariya a wuce. Wannan kuwa na kunya ne. Ta san wanda zai zauna a taron Katsina: Malam Maiturare, tsohon malamin gona, haifaffen Zango, mutumin da ya san ƙauyukan nan gida-gida kuma ba ya raga wa kowa. Sai ta gan shi a ranta ya ɗaga hannu a tsakiyar jawabin, ya ce, 'yata, wa ya gaya miki Tsamiyar Kwari ɗari da hamsin ce? Ta ga Turancin ya tsaya cak a bakin Lubna. Ta ga Malam Abdulrazak ya sunkuyar da kai yana tunanin wadda ya bari a Daura.

Za a gyara nan take a taron, ta gaya wa kanta. Ba wanda zai rasa iri. Darasi ne kawai, kuma yarinyar tana buƙatarsa.

Ta rubuta minti na shida a gurbinsa, ta rubuta daidai a gabansa. Ai ba ƙarya ba ne, a minti na shida haka ya ce. Ta gama sauran, ta sa hannu a ƙasan takardar.

Lubna ta karɓi gyare-gyaren da hannu biyu. Da ta ga na sefar sai ta dafe baki. "Yaya, da ba don ke ba da na sha kunya. Allah ya saka da alheri."

"Amin," in ji Zuwaira, tana tattara takardu.

Ranar Lahadi da la'asar Lubna ta zo gidan Zuwaira da mahaifiyarta, Inna Barakatu, wai ta ari baƙin gyalenta mai aikin zinari, kuma ta gwada jawabin a gabanta. Suka zauna a tsakar gida. Lubna ta miƙe tsaye da gyalen a kafaɗa, ya yi mata kyau fiye da yadda yake yi wa mai shi. Ta fara magana, Inna Barakatu ba ta jin ko kalma ɗaya amma bakinta har kunne. Da ta zo kan Tsamiyar Kwari ta faɗi ɗari da hamsin, ta ɗan dakata yadda aka koya mata, ta dubi Zuwaira.

"Ya yi?"

"Ya yi. Ki rage sauri dai."

"Ke kika ɗora ta a hanya, Zuwaira," in ji Inna Barakatu. "Malam Abdulrazak ya gaya wa babanta wai bai taɓa samun ma'aikaciya irinta ba."

Zuwaira ta tashi ta ce bari ta duba tukunya. Babu abin da ke kan wuta. Ta tsaya a kicin ta daɗe tana kallon bango, maganar tamanin na zuwa mata har leɓe, maganar Inna Barakatu na mayar da ita ciki.

Ranar Litinin ta kasa aikin komai. Ta ajiye waya a kan tebur tana kallonta. Wajen la'asar wayar ta yi ƙara, Lubna ce.

"Yaya, sun amince. Duka ɗari da hamsin ɗin za su ba iri. Har tafi aka yi mini."

"Madalla. Malam Maiturare bai yi tambaya ba?"

"Bai zo ba, an ce ya tafi gaisuwar rasuwa. Wata mata ce a madadinsa, har ta karɓi lambata."

Ta yi mata murna da baki, ta kashe wayar. A wannan makon ta sha cewa gobe za ta yi magana. Gobe ta zo sai ta tarar an kawo lemo da biskit ana taya Lubna murna. Wata goben Malam Abdulrazak na cewa matar nan ta Katsina ta kira tana yabon rahoton. Kullum ta buɗe baki sai ta tuna hannun wa ke ƙasan takardar dubawa. Sai a lokacin ta gane abin da ta yi: ta haƙa ramin ne a ƙarƙashin sa hannunta. Lubna ta rubuta, amma ita aka ce ta duba.

Makonni suka wuce. A watan Mayu hadari ya fara haɗowa da yamma yana watsewa, sai takarda ta zo cewa an sayi iri, mota na tafe. A ranar Malam Abdulrazak ya ce Zuwaira ta kira Malam Amadu ta gaya masa ya tara magidanta ɗari da hamsin.

Ba ta kira ba. Ta ɗauko rubutacciyar hirar, ta buɗe shafin, ta shiga ofishinsa ta ajiye masa a gaba. Lubna na wurin tana buga masa wasiƙa.

"Malam, akwai matsala. Ka karanta daga nan."

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya jawo aljihun tebur ya fito da takardar dubawa, ya bi layi da yatsa har ya kai inda ta rubuta daidai.

"Wannan hannunki ne?"

"Nawa ne."

"Ke kika yi hirar. Ke kika rubuta ta. Ke kika duba. Ta yaya gida tamanin suka wuce ki sau uku?"

"A minti na shida na tsaya," ta ce, idonta a ƙasa.

Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. "Ke da kike koya wa mutane cewa ba a tsayawa a inda aka fara ganin lamba. Zuwaira, da wani ne da ban yi mamaki ba."

Sai Lubna ta miƙe. "Malam, laifina ne. Ni na rubuta. Na karɓi abin da manhaja ta ba ni ban karanta hirar har ƙarshe ba. Yaya ta kama mini manya-manya guda uku, ga aiki ya yi mata yawa a makon. Don Allah kada a ɗora mata."

Zuwaira ta so ƙasa ta tsage. Da Lubna ta zarge ta, da ta samu abin riƙewa. Amma yarinyar tsakaninta da Allah take magana, idonta ya kawo ruwa, kuma Malam Abdulrazak na kallon Lubna da irin kallon da ake yi wa ɗa na gari.

A ranar Lubna ta rubuta wasiƙar gyara zuwa Katsina. Ta kawo maganar mai unguwa kalma da kalma, da mintin da ya faɗa, ta haɗa da guntun muryar. Amsa ta zo bayan kwanaki: sun yaba da gaskiyarta, amma kasafin bana ya rufe, ƙarin da za su iya bai kai na gida tamanin ba, kuma sai an sake bin layin saye. Malam Abdulrazak ya karanta musu sashen yabon da ƙarfi.

Ruwan shuka ya sauka kafin ƙarin ya iso. Zuwaira aka tura rabon irin farko, don ita mutanen suka sani. Ta tarar da magidanta cike da gindin tsamiya, na gabas sun tsallako rafi da buhunansu a naɗe a hammata. Ta durƙusa ta gaida Malam Amadu, ta yi masa bayani a hankali yadda ba kowa zai ji ba.

Tsohon ya ja gemu. "Malama, ba ke ce kika zauna a nan ba? Na tuna har na ce ki gyara."

"Ka faɗa, Baba. Yana cikin muryar. Daga wajenmu aka samu kuskure."

"To. Allah ya kyauta."

Bai ƙara da komai ba. Ya kira dattawan yamma gefe suka yi shawara mai tsawo, wasu na ɗaga hannu, wani ya tashi ya yi tafiyarsa ya dawo. A ƙarshe aka yarda a raba abin da ya zo ga kowa da kowa. Zuwaira ta tsaya a rana tana kiran sunaye, ana auna wa kowane gida kaso mai ƙaranci a kan wanda aka yi alkawari. Wani magidanci daga gabas ya girgiza buhunsa ya leƙa ciki, ya tambaye ta ko da saura a mota. Ta ce akwai ƙari yana tafe. Ya ce gyaɗa ba ta jiran mota, ya saɓa buhun ya wuce.

Ƙarin ya zo a Yuli. Wasu suka shuka a makare, wasu suka ajiye don baɗi, wasu suka soya.

Daga nan Malam Abdulrazak ya sauya tsari. Kowane adadi sai mutum biyu sun duba, kuma sai an karanta hira daga farko har ƙarshe kafin a rubuta daidai. Bai rage wa Zuwaira komai ba, bai kuma sake tayar da maganar ba, sai dai ya daina shigowa ɗakinta neman shawara. Da matar Katsina ta aiko da gurbin horo na wata guda a Abuja, ba a ma yi muhawara kan wanda zai je ba.

Ranar tafiyar Zuwaira ta raka Lubna tasha, don Inna Barakatu ta roƙe ta. Suna jiran mota ta cika, Lubna ta ce, "Yaya, har yanzu abin Tsamiyar Kwari na damuna. Kullum sai in ga kamar ni na jawo miki."

Zuwaira ta dube ta. Ga sabon akwati, ga lalle a hannu, ga fuskar da ba ta ɓoye komai. Ta ji za ta iya faɗa mata a nan, a cikin hayaniyar 'yan kamasho, ta sauke abin ta huta. Ta kuma ji, a daidai wannan lokacin, cewa da ita ce za ta shiga motar nan da ta fi kowa sanin abin da za ta tambaya a Abuja.

"Ya wuce," ta ce. "Shiga, kada a kama miki gefen taga."

Motar ta tashi. Zuwaira ta tari mai babur ya mayar da ita ofis. A kan teburinta akwai rahoton da Lubna ta gama jiya, na matan da ke matsar man gyaɗa, shafi uku, tsaf kamar kullum. Ta karanta sakin layi na farko, ya yi kyau har ya ba ta haushi. Ta ajiye jakarta, ta ce wa maigadi in an zo nemanta a ce tana aiki, ta rufe ƙofa.